Jawabi: Idan an cire mana kuɗin rajistar shekara bayan mun ce mun daina



Yau a kan abu ɗaya tak za mu zauna. Yawancin ƙungiyoyinmu yanzu suna da wayar shafa-shafa aƙalla guda, ko ta Sakatariya ko ta Ma'aji, kuma wani kaso na kuɗin ƙungiya ya bar akwati ya koma banki. Da wannan ne wata sabuwar ɓaraka ta shigo: manhaja ta ciri kuɗin shekara guda daga kati, bayan ƙungiya ta riga ta ce ta daina amfani da ita. Za mu ga yadda cirar take faruwa, yadda ake tsayar da ita, da yadda ake bin kuɗin har su dawo. Zan yi bayanin a kan wayar Android, mai Play Store, domin ita ce a hannun yawancinmu. Sunayen da ake gani a fuskar waya zan faɗe su yadda suke a rubuce, saboda wadda za ta danna ta gane su.

Misalin da za mu bi

Mu ɗauka ga wata ƙungiya mai mata 25, hannun jari naira 500. Bara sun amince Sakatariya ta sauko da wata manhajar rubuta lissafi, kuɗinta naira 24,000 a shekara. Asusun ƙungiya na banki sai mutum biyu sun sa hannu ake cire kuɗi, kuma irin wannan asusu galibi ba a ba shi katin ATM. Don haka aka yi amfani da katin Ma'aji, wanda a asusunta ake tara zubin mako kafin a kai banki.

Da shekara ta kusa zagayowa, sai mata suka ce littafi da biro sun ishe su. Aka rubuta a littafin taro cewa an daina. Sakatariya ta aika wa kamfanin manhajar saƙo ta WhatsApp cewa ba za su ci gaba ba, aka amsa mata cewa an ji. Ta goge manhajar daga waya, hankalin kowa ya kwanta. Bayan mako uku, ranar Asabar da ƙarfe tara na dare, alat ya shigo wayar Ma'aji: an cire naira 24,000.

Ku yi lissafi tare da ni. Naira 24,000 hannun jari 48 ke nan. In aka raba asarar a kan mata 25, kowace ta rasa naira 960, kusan hannun jari biyu. Ga kuma abin da ya fi kuɗin ciwo: kuɗin a asusun Ma'aji suka fita, don haka ita za a fara yi wa kallon zargi, alhali ko taɓa wayarta ba ta yi ba.

Yaya aka yi kuɗi suka fita ba a danna PIN ba?

Wannan ita ce tambayar da mata suka fi yi, kuma tana kan hanya. A wurin mai POS, sai kin danna lambobin sirrinki kuɗi suke fita. A Play Store abin ya sha bamban. Ranar farko da aka saka lambar kati aka danna `Subscribe`, an ba da izinin da ba na rana ɗaya ba ne. An ce musu ne: duk lokacin da wa'adi ya cika, ku ɗauka, har sai na ce ku daina. Kamar mai kawo miki ruwa kullum da safe ne. Muddin ba ki ce masa ya daina ba, gobe ma zai zo, kuma zai rubuta miki kuɗi, ko kin sha ko ba ki sha ba.

To a ina ake cewa a daina? A nan ƙungiyar misalinmu ta zame. In ta Play Store aka yi rajista, izinin cirar kuɗi yana ajiye ne a asusun Google na mai wayar, wato adireshin Gmail ɗin da aka yi rajistar da shi. Saboda haka akwai abubuwa uku da suke kama da sokewa amma ba sa tsayar da cirar.

Na farko, goge manhaja daga waya. Manhajar ta tafi, izinin yana nan daram. Ko wayar ta faɗa rijiya, ko an sayar da ita, ranar da shekara ta cika za a cira.

Na biyu, gaya wa ma'aikacin kamfani da baki ko ta saƙo. Saƙon yana da amfani, hujja ce mai ƙarfi, za mu zo kansa. Amma in ma'aikacin bai shiga ya soke ba, injin da yake cirar kuɗi bai san an yi maganar ba.

Na uku, kwashe kuɗi daga asusu don a zo a tarar ba komai. In suka gwada bai yiwu ba, sukan sake gwadawa a kwanakin da suka biyo baya. Ranar da aka tura zubin mako, sai ya tarar da mai jira.

Mataki na farko: gane wanda ya cira

Kafin a yi fushi, a karanta alat ɗin da kyau, ko a ba wadda ta iya karatu ta karanta. Abu uku ake nema: rana da lokaci, adadin kuɗi, da sunan wanda ya karɓa. In ta Play Store ne, yawanci za a ga sunan ya fara da `GOOGLE*`, sannan sunan manhajar ko na kamfaninta ya biyo baya. Kada a goge wannan alat. A ɗauki hotonsa, a kuma kwafe shi a littafin ƙungiya.

Daga nan a buɗe Gmail a wayar da aka yi rajista, a nemi rasit daga Google Play mai ranar da aka cira. A jikinsa akwai lambar ciniki da ta fara da `GPA`, sai jerin lambobi. Wannan lamba ita ce sunan kuɗinku a wurinsu. Duk inda za ku kai ƙara ita za a fara tambaya, don haka a rubuta ta a takarda, a karanta sau biyu.

In kuwa alat bai nuna Google ba, kuma ba rasit a Gmail, to mai yiwuwa a shafin kamfanin kansa aka saka katin. A nan sai a soke a cikin manhajar ko a shafin nasu, a nemi kuɗin a wurinsu kai tsaye, sauran matakan na wasiƙa da banki duk ɗaya ne. In kuma daga katin waya ake cira, ba daga banki ba, wannan maganar kamfanin layi ce. A kai musu ƙara, in ba su gyara ba a kira 622, layin kyauta na hukumar sadarwa ta NCC.

Mataki na biyu: a soke, a ga shaida

Wata za ta ce, tunda an riga an cira, mene ne amfanin sokewa? Amfaninsa biyu. Baɗi ba za a sake cira ba. Sannan mai neman a mayar masa da kuɗi alhali rajistarsa tana nan a buɗe, maganarsa ba ta da nauyi.

Ga yadda ake yi. A buɗe Play Store. A danna hoto ko harafin da yake sama a hannun dama. A bi wannan layi:

```
Payments & subscriptions
Subscriptions
Cancel subscription
```

Bayan an danna `Subscriptions` za a ga sunan manhajar, a danna shi, sannan a ga `Cancel subscription` a ƙasa. Za su tambayi dalili, a zaɓi kowanne a ci gaba har ƙarshe. Ku kula da wani tarko a nan: wani lokaci sukan nuna `Pause payments` tun kafin a kai ga sokewa. Wannan hutu ne kawai, in ya ƙare cira za ta dawo. Ku tsallake shi.

Yaya za mu san ya soku? Alama biyu. Shafin zai daina nuna ranar biya ta gaba, ya nuna cewa an soke, tare da ranar da amfani zai ƙare. Sannan saƙon tabbatarwa zai shigo Gmail. A ɗauki hoton duka biyun. In ba a ga ko ɗaya ba, a ɗauka ba a gama ba, a sake tun daga farko. A ƙauyen da sabis yake yankewa, sau da yawa dannawar ƙarshe ce ba ta tafiya.

In aka shiga `Subscriptions` aka tarar ba komai, kada a yi murna tukuna. Wayoyinmu da yawa suna ɗauke da asusun Google fiye da ɗaya: wanda mai shago ya buɗe ranar da aka sayi waya, da na maigida, da na yaron da yake ara. A sake danna hoton nan na sama, a sauya zuwa ɗaya asusun, a duba. Asusun da rasit mai `GPA` ya shiga, a can rajistar take.

Sai kuma abu mafi muhimmanci a wannan mataki: sokewa ba ta dawo da kuɗi. Tana rufe ƙofar gaba ne kawai. Wanda aka riga aka ɗauka, sai an nema daban.

Mataki na uku: awa 48 na farko

A ƙa'idar Google Play, in ba a wuce awa 48 da cirar ba, ana iya neman mayar da kuɗi a wurin Google kai tsaye, kuma a wannan lokaci ne aka fi samun sauƙi. In an wuce, sai a koma wurin kamfanin da ya yi manhajar. Awa 48 kwana biyu ne cur. An cira Asabar ƙarfe tara na dare, lokaci ya ƙare Litinin ƙarfe tara na dare.

A misalinmu, Ma'aji ta ga alat ɗin da Turanci, ta ce bari ranar Laraba a wurin taro ta nuna wa Sakatariya. Ba ta yi da mugun nufi ba, mu muka saba ba a taɓa maganar kuɗi sai a gaban kowa. Amma kafin Laraba wannan ƙofa ta rufe. Shi ya sa nake roƙon kowace ƙungiya ta amince da wannan tun yau: alat ɗin cira da ba a gane ba, ba ya jiran taro. Ranar da aka gani, a ranar Ma'aji da Sakatariya da Shugaba za su haɗu, ko da a tsaye ne a zaure.

In kuna cikin lokacin, ga hanya. A buɗe Chrome, a rubuta `play.google.com`, a shiga da asusun da aka yi rajista. A danna hoton sama, sai `Payments & subscriptions`, sai `Budget & order history`. A nemo cirar, a danna `Report a problem`. A zaɓi dalilin da ya dace, a rubuta cewa ana neman a mayar da kuɗi, a danna `Submit`. Amsa takan zo ta Gmail, galibi cikin kwana ɗaya, wani lokaci ta kai kwana huɗu. Sunayen nan sukan ɗan sauya in an sabunta shafin, amma wurin tarihin saye ake nema ko yaushe.

A nan zan ja kunnenmu a kan gaskiya. Hali uku ne, kuma kowanne da maganarsa. Akwai wadda ta ce a daina aka ci gaba da cira. Akwai wadda ta manta ba ta soke ba. Akwai wadda ba ta taɓa yin rajista ba sam, wani ne da ba ta sani ba ya yi amfani da katinta. Ta farko haƙƙinta take nema. Ta biyu alfarma take nema, kuma sau da yawa ana yi in ta zo da wuri, ba ta kuma yi amfani da manhajar ba bayan cirar. Ta uku sata aka yi mata: ta rufe katin nan take a banki, sannan ta cike fom na musamman da Google ya tanada don cinikin da ba da izini ba, cikin kwana 120.

Kada wani ya ba ku shawarar ku ce an sace katin alhali ku kuka yi rajista bara. Suna ganin wayar da aka yi rajista da ita, da ranar, da biyan farko. In maganar ta ci karo da abin da yake gabansu, sai su ƙi, kuma ƙarar gaskiyar da za ku kawo daga baya ta raunana. Haka in ɗanki ko ƙaninki ne ya danna a wayarki, wannan ba ya cikin sata a ƙa'idarsu, hanyar neman mayarwa ta yau da kullum za a bi.

Mataki na huɗu: wasiƙa ga kamfanin manhaja

Ƙungiyarmu ta wuce awa 48, don haka ga kamfani za ta nufa. A Play Store a nemo shafin manhajar, a gangara ƙasa zuwa `App support`, a nan adireshin imel ɗinsu yake. A wannan adireshi za a rubuta, kuma daga Gmail ɗin da aka yi rajista da shi. Kira da baki ba ya barin sawu, rubutu kuwa yana nan da ranarsa.

Wasiƙar gajera ce. A kanta a rubuta `Refund request` tare da lambar `GPA`. Ga abin da za ta ƙunsa, sai Sakatariya ko wata mai Turanci a cikinku ta juya shi:

"Ranar kaza ga watan kaza na sanar da ku cewa ba zan sabunta rajistata ba, kuka amsa cewa kun ji. Ga hoton saƙon. Duk da haka, ranar kaza an cire naira 24,000 daga katina. Ga lambar cinikin, ga hoton alat. Ban yi amfani da manhajar ba tun daga ranar da na sanar da ku, kuma yanzu na soke rajistar, ga hoton shaida. Ina neman a mayar da naira 24,000 gaba ɗaya zuwa katin da aka cira, cikin kwana bakwai. In hakan bai samu ba, zan kai ƙara bankina."

Ku lura da abin da babu a ciki. Babu zagi, babu dogon labarin wahalar da aka sha wajen tara kuɗin. Rana, adadi, lamba, hujja, buƙata, wa'adi. Kuma ba a saka cikakkiyar lambar kati. In sun nemi a bambance katin, lambobi huɗu na ƙarshe sun isa.

Amsar farko ba lallai ta zama kuɗi ba. Mu ce kamfanin ya rubuto cewa ba sa mayar da kuɗin shekara, amma za su ƙara wata uku kyauta. Kada Sakatariya ta amsa da "to, mun gode", domin wannan karɓar sulhu ne, ƙara ta mutu ke nan. Ta mayar da amsa a rubuce cewa ƙungiya ba ta buƙatar ƙarin watanni, ta sake liƙa hoton saƙon da suka ce sun ji. In sun ce su ba su da iko, kuɗin na hannun Google, wannan ma ba hujja ba ce: kamfanin da ya sayar ta Play Store yana da damar mayar da kuɗin ciniki daga ɓangarensa.

Wata amsar kuma ita ce su cire na wata ɗaya su dawo da saura. Naira 24,000 a raba 12, wata ɗaya 2,000 ne, za a dawo da 22,000. Ga ƙungiyar da mantuwa ta yi, wannan tayi ne mai kyau, ta karɓa. Ga wadda take da hujjar ta sanar tun kafin ranar, tana da damar tsayawa a kan duka. Amma wannan hukunci na taro ne. A kawo shi gaban mata, su auna naira 2,000 da kuɗin mota zuwa banki da kwanakin jira, su zaɓa da kansu.

A misalinmu, bayan wasiƙa ta biyu kamfanin ya amince. Saƙo ya shigo Gmail cewa an mayar. Ma'aji ta duba asusu ba ta ga komai ba, hankalinta ya tashi. Wannan jinkiri ne da aka saba. Kuɗin da aka mayar ta kati sukan ɗauki kwanakin aiki uku zuwa biyar, wani lokaci har goma, ba a ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Wani lokacin ma alat ba ya shigowa, don haka a duba abin da ya rage a asusu, ko a karɓi sitatimen. Kuma ta hanyar da suka fita suke dawowa, wato asusun da katin yake.

Mataki na biyar: banki, sannan Babban Banki

In kwana bakwai sun wuce shiru, ko an ƙi ba tare da dalili ba, sai banki. Mai katin ce za ta je da kanta, da katin shaidarta, Sakatariya ta raka ta. Ba layin masu cire kuɗi za su bi ba, teburin kula da abokan hulɗa za su nufa, su ce suna jayayya da wata cira ta kati. Za a ba su fom. Su tafi da hujjojin nan a buge a takarda: alat, rasit mai `GPA`, saƙon da aka sanar da kamfani, shaidar sokewa, da wasiƙun da aka yi musaya. Irin wannan ƙara tana da iyakacin lokaci, don haka kada a bari wata ya zagayo.

Kada ku baro bankin sai da lambar ƙara. Ita ce shaidar cewa kun zo, da ranar da kuka zo. In wasiƙa kuka kai, ku riƙe kwafi, a buga masa hatimi da kwanan wata. Banki zai tambayi ɗaya ɓangaren, shi ya sa hujjar sanarwa kafin ranar cira take da nauyi. In babu ita, kamfani zai nuna izinin bara, banki kuma ba shi da abin kamawa.

Babban Bankin Najeriya, CBN, ya tsara cewa mai ƙara ya fara kai wa bankinsa, ya ba shi mako biyu. In banki ya ƙi karɓar ƙarar, ko ya yi shiru, ko bai warware ba, sai a rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a `cpd@cbn.gov.ng`, ko a kai wasiƙa reshen CBN na jiha. A saka sunan banki, lambar ƙarar, ranar da aka kai, adadin kuɗi, da kwafin hujjoji. Ba a biyan ko sisi. Amma ku gane iyakarsa: CBN banki yake sa wa ido a kan yadda ya riƙe ƙararku. In ba ku fara zuwa banki ba, can za a mayar da ku.

Wata za ta tambaya, a rufe katin ne? In sata ce, a rufe nan take. In ba sata ba ce kuma an ga shaidar sokewa, ba dole ba ne, ga kuɗin sabon kati da za a biya. In an riga an rufe, a gaya wa banki ana jiran kuɗin da za a mayar ta tsohon katin, domin su bi sawu.

Masu jiran mai neman kuɗinta

Wadda aka cire wa kuɗi tana cikin zafi, kuma 'yan damfara wannan zafin suke nema. In aka rubuta koke a Facebook, ko aka nemo lambar "kula da abokan hulɗa" a intanet aka kira, sai wani ya amsa da ladabi ya ce zai dawo da kuɗin yanzu-yanzu, a karanto masa lambar da ta shigo waya. Iyayena, mayar da kuɗi ba ya buƙatar PIN, ba ya buƙatar OTP, ba ya buƙatar lambobi ukun bayan kati, ba kuma a biyan wani abu kafin a saki kuɗin. Waɗannan lambobi na fitar da kuɗi ne. Duk wanda ya tambaye su, a kashe waya. Garin neman gira kada a rasa ido: ana bin 24,000, a bar asusu duka a buɗe.

Yadda za a rubuta a littafi

A taro na farko bayan cirar, Ma'aji ta faɗa da bakinta, a zagaya da wayar kowa ta ga alat da sunan wanda ya cira. Wannan yana wanke ta tun kafin magana ta fara yawo a gari. Sakatariya ta rubuta naira 24,000 a matsayin kuɗin da ƙungiya take bi, da rana da lambar ciniki. Kada a rubuta shi bashi a kan Ma'aji, kada kuma a cike gurbin daga asusun taimakon gaggawa a yi shiru. Kuɗin mota da na buga takardu a rubuta su daban a matsayin hidimar ƙungiya. In ranar rabo ta zo kuɗin ba su dawo ba, a raba abin da yake hannu, a rubuta cewa in sun dawo za a raba su gwargwadon hannun jarin kowa na wannan zango. Ranar da suka shigo, masu ƙirga kuɗi su gani, a rufe layin a gaban kowa.

Sai dokoki uku da nake so ku tattauna ku ƙara a kundin ƙungiya. Ɗaya, ba a saka kati a kowace manhaja, ko da an ce gwaji ne kyauta, sai taro ya amince an rubuta sunanta, kuɗinta, Gmail ɗin da aka yi amfani da shi, da ranar sabuntawa. Biyu, in ba a da niyyar ci gaba, a soke tun ranar da aka biya. A Play Store sokewa ba ta ƙwace lokacin da aka riga aka biya, za a ci gaba da amfani har wa'adi ya cika. Uku, katin da aka saka a waya kada ya zama na asusun da zubin mako yake kwana.

Kafin mu tashi, duk mai wayar shafa-shafa ta fito da ita. Ku zauna bibbiyu, mai karatu kusa da wadda ba ta yi ba. Ku buɗe Play Store, ku shiga `Subscriptions`, ku duba kowane asusun Google da yake wayar. Abin da kuka gani ku faɗa wa Sakatariya ta rubuta, sunansa da kuɗinsa da ranarsa. Wanda ba a gane ba, a ɗaga hannu in zo mu duba tare.

Allah ya ƙara wa asusunmu albarka, ya mai da kowa gida lafiya.